Tsayar da Lokacin Taro ta Imel Tsakanin Mutanen da Agogonsu Bai Zo Ɗaya Ba

Duk wasiƙar imel da aka aika domin neman amincewar mutane kan lokacin taro, alhali suna zaune a ƙasashe masu agogo daban-daban, tana ɗauke da wani lissafi da tilas wani ya yi shi, ko dai marubucin wasiƙar, ko kuma kowane ɗaya daga cikin waɗanda aka aika wa. Idan marubucin ya rubuta ƙarfe biyu ranar Talata ya tsaya nan, to ya raba aikin ke nan ga mutum huɗu ko biyar, kowa zai yi nasa a gurguje tsakanin wasu hidimomi, kuma mutum ɗaya kacal ya isa ya kuskure, a zauna ana jiransa awa guda ko a tashi kafin ya shigo. Kuskuren da ya fi yawa a wannan lissafi yana fitowa ne daga zaton cewa tazarar agogo tsakanin garuruwa biyu abu ne tsayayye da ake haddacewa sau ɗaya a huta, alhali tazarar takan canza da ranar da taron zai faɗo, kuma wanda ya fi saurin faɗawa wannan rami shi ne mutumin da ya tashi a ƙasar da ba a taɓa agogo rani da damina.

Tushen lissafin ba shi da wuya. Duniya tana juyawa digiri 360 a awa 24, wato digiri 15 a kowace awa, saboda haka rana takan riga fitowa a gabas, kuma agogon mutanen gabas yana gaba da na mutanen yamma. A taron ƙasashe da aka yi a Washington a watan Oktoba na 1884 aka amince da layin da ya ratsa Greenwich, kusa da Landan, a matsayin mafarin auna gabas da yamma, kuma daga nan ne sunan agogon GMT ya bazu, wanda masu sauraren gidajen rediyon ƙasashen waje suka saba ji ana ambatonsa tare da agogon Najeriya da Nijar. Ma'aunin da ake aiki da shi a yau shi ne UTC, wanda a harkar tsayar da taro daidai yake da GMT, kuma ba a matsar da shi gaba ko baya a kowane lokaci na shekara. Kowane yankin lokaci, wato faɗin ƙasar da mutanenta suke bin agogo ɗaya, ana bayyana shi ne da yawan awannin da ya ɗara UTC ko ya gaza shi. Najeriya da Nijar da Kamaru da Cadi suna kan UTC+1, Ghana tana kan UTC daidai, Sudan tana kan UTC+2, Saudiyya UTC+3, Dubai UTC+4, Indiya kuma tana da rabin awa a nata, UTC+5:30. Gwamnati ce ke shata waɗannan iyakoki, rana ba ta da ta cewa sai kaɗan: tana riga kaiwa tsaka a Maiduguri da kusan minti 40 kafin Legas amma agogonsu ɗaya ne, Sin kuma duk faɗinta agogo ɗaya take bi, UTC+8.

Da a nan maganar ta tsaya, da ƙaramin jadawali a bango ya wadatar. Abin da ya rikita ta shi ne al'adar sauya agogo, wadda mafi yawan ƙasashen Turai da mafi yawan Amurka da Kanada suke bi, inda suke tura agogonsu gaba da awa ɗaya idan yininsu ya fara tsawo, domin hasken yamma ya daɗe, sannan su dawo da shi baya idan sanyi ya kunno kai. Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai suna tura nasu a Lahadin ƙarshe ta watan Maris, su dawo da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Amurka kuwa, tun daga 2007, tana turawa a Lahadi ta biyu ta Maris, ta dawo a Lahadin farko ta Nuwamba, ban da jihar Hawaii da mafi yawan jihar Arizona waɗanda ba sa sauyawa sam. Sakamakon haka ga mutumin Kano shi ne, Landan tana daidai da shi wajen wata bakwai na shekara, sauran watannin kuma tana bayansa da awa ɗaya; Faris tana daidai da shi a lokacin sanyinsu, tana gabansa da awa ɗaya a lokacin zafinsu; New York kuma wani lokaci awa biyar ce tsakani, wani lokaci shida. Shi bai taɓa agogonsa ba, amma tazarar ta motsa.

Akwai kuma ɗan tsakanin da ya fi kowane lokaci haɗari, saboda Turai da Amurka ba sa sauyawa rana ɗaya. A 2025 Amurka ta tura agogonta ranar 9 ga Maris, Birtaniya sai ranar 30 ga Maris, don haka mako uku cur tazarar Landan da New York ta kasance awa huɗu maimakon biyar da kowa ya haddace. A ƙarshen shekarar Birtaniya ta dawo baya ranar 26 ga Oktoba, Amurka ranar 2 ga Nuwamba, aka sake samun mako guda na irin wannan ratar. A waɗannan makonni hatta waɗanda suka saba da sauya agogo sukan yi kuskure, domin kowa ya san nasa sauyin, ba ya tuna cewa na ɗan'uwansa bai zo ba tukuna.

Misali guda da aka bi dalla-dalla zai fi nuna yadda aikin yake. A ƙaddara wani kwamitin masu tace littafi mai mutum huɗu, sakatarensa yana Kano, sauran ukun kuma ɗaya yana Landan, ɗaya yana Chicago, ɗaya yana Jidda, kuma a tsakiyar Oktoban 2025 sakataren yana son ya kira taron awa ɗaya ta bidiyo. Abu na farko da zai duba shi ne ranaku, tun kafin ya kai ga awanni. Hutun ƙarshen mako a Saudiyya Juma'a da Asabar ne, a sauran ƙasashen uku kuma Asabar da Lahadi, ga shi Juma'a da rana ba lokacin da ake kiran Musulmi taro ba ne ko a Kano, saboda haka kwanaki huɗu suka rage, daga Litinin zuwa Alhamis. Abu na biyu shi ne ya mayar da lokacin aikin kowa zuwa UTC, domin a kan ma'auni ɗaya ne kawai za a ga inda suka haɗu. Idan aka ɗauka kowa yana aiki daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma a agogon garinsa, to a ranar Talata 21 ga Oktoba mutumin Kano yana samuwa daga 07:00 zuwa 16:00 a UTC, na Landan ma haka, tunda har ranar Birtaniya tana kan UTC+1. Na Jidda yana samuwa daga 05:00 zuwa 14:00, na Chicago kuma, wanda yake kan UTC-5 a ranar, daga 13:00 zuwa 22:00. Wanda ya fi kowa makara wajen farawa ya fara da 13:00, wanda ya fi kowa saurin tashi ya tashi da 14:00, don haka duk yinin awa ɗaya tak suka haɗu a kanta, wato ƙarfe 2 na rana a Kano da Landan, ƙarfe 8 na safe a Chicago, ƙarfe 4 na yamma a Jidda.

Ƙa'idar mayarwar ita ce, idan ana fita daga agogon gari zuwa UTC a ɗebe lambar yankin, idan ana dawowa daga UTC zuwa gari a ƙara ta, tare da lura cewa ƙara lamba mai alamar ragi ɗebewa ce. Juya wannan ƙa'ida shi ne kuskure na biyu a yawa, kuma yana da alamar da ake gane shi da ita: yakan ninka tazarar, ta yadda mutumin Jidda da ya kamata ya shigo da ƙarfe 4 na yamma zai shigo da ƙarfe 12 na rana, awa huɗu kafin lokaci, saboda an ɗebe awa biyun da ya kamata a ƙara. Gwajin da ke kama shi cikin daƙiƙa guda shi ne a jera garuruwan daga yamma zuwa gabas a duba ko awannin suna hawa, domin a wannan misali babu yadda za a yi agogon Jidda ya nuna lokacin da bai kai na Kano ba.

Yanzu a ɗauka taron ya ɗage da mako guda zuwa Talata 28 ga Oktoba. Kano da Jidda da Chicago ba su motsa ba, amma Landan ta koma UTC daidai tun ranar Lahadi, saboda haka 13:00 a UTC ta zama ƙarfe 1 na rana a can. Sakataren da ya kwafi tsohuwar wasiƙarsa ya canza kwanan wata kawai zai sa mutumin Landan ya shigo da ƙarfe 2 nasa, daidai lokacin da sauran suke sallama. Idan kuma ya sake ɗagewa zuwa Talata 4 ga Nuwamba, Chicago ta koma UTC-6, lokacin aikin mutuminta ya koma 14:00 zuwa 23:00 a UTC, yana farawa daidai inda na Jidda yake ƙarewa, kuma awa ɗayar da suka haɗu a kanta ta ɓace baki ɗaya. Daga wannan rana har zuwa Maris na gaba babu lokacin da zai yi wa kowa daidai: ko na Chicago ya zauna da ƙarfe 7 na safe, ko na Jidda ya zauna da ƙarfe 5 na yamma, a taron da zai ci karo da magariba tunda rana tana faɗuwa a can kafin ƙarfe 6 a farkon Nuwamba. Wannan kuma ya wuce lissafi, ya zama maganar neman alfarma, kuma abin da ya dace shi ne sakataren ya faɗi hakan a fili ga wanda abin ya shafa, ya nemi yardarsa da sunansa, maimakon ya ɓoye masa ƙarfe 7 na safe a cikin jerin lambobi kamar bai gani ba.

Wasiƙar da sakataren zai aika ranar Talata 14 ga Oktoba tana iya zuwa kamar haka:

Assalamu alaikum, malamai. Da fatan kowa yana lafiya tare da iyali. Muna neman a zauna na awa ɗaya ta bidiyo domin kammala duba babi na uku, kuma ga lokuta biyu da muke ganin za su yiwu. Na farko, Talata 21 ga Oktoba 2025, ƙarfe 2:00 na rana agogon Kano, wato 2:00 na rana a Landan, 8:00 na safe a Chicago, 4:00 na yamma a Jidda, daidai da 13:00 UTC. Na biyu, Talata 28 ga Oktoba 2025, ƙarfe 2:00 na rana agogon Kano, wato 1:00 na rana a Landan, 8:00 na safe a Chicago, 4:00 na yamma a Jidda, daidai da 13:00 UTC. Farfesa, ranka ya daɗe, a lura cewa a na biyun lokacin Landan ya koma ƙarfe 1, saboda za ku mayar da agogo baya ranar 26 ga wata. Idan an ga saɓani a lissafin, agogon Kano ne abin dogaro. Muna roƙon kowa ya faɗi wanda ya yi masa, ko duka biyun, kafin ƙarfe 6 na yamma agogon Kano ranar Alhamis 16 ga Oktoba. Allah ya saka da alheri.

Kowane yanki na wannan wasiƙa yana toshe wata kafa. An rubuta sunan rana tare da kwanan wata domin ɗaya ya zama mai gadin ɗaya, ta yadda idan an yi tuntuɓen alƙalami aka rubuta Talata 22, mai karatu zai ga ba su dace ba ya tambaya. An rubuta sunan wata da haruffa saboda lambobi zalla irin 03/04 suna nufin 3 ga Afrilu a Najeriya da Birtaniya, amma 4 ga Maris a Amurka, kuma ba mai iya gane wanne ake nufi sai ya san inda marubucin ya koyi rubuta kwanan wata. An ba kowa lokacinsa da sunan garinsa domin ya karanta layinsa ya duba kalandarsa ya ba da amsa ba tare da ya ƙirga komai ba, sannan aka ajiye agogo ɗaya a matsayin abin dogaro, domin idan lambobi biyar suka saɓa a san wadda za a gyara sauran a kanta. Wa'adin amsa ma an ɗaura shi a kan agogo, abin da marubuta da yawa sukan manta bayan sun gama wahala a kan lokacin taron kansa. Zaɓi biyu ko uku sun wadatar, domin zaɓi ɗaya yakan jawo a yi ta kai da kawo, kuma tsakanin mutanen da safiyar ɗayansu yammacin ɗaya ce kowace tambaya da amsarta kan cinye yini guda. Zaɓi bakwai kuwa yakan sa kowa ya ɗauki nasa dabam, a rasa wanda aka haɗu a kai.

Abin da wasiƙar ta guje wa shi ma yana da dalili. Ba ta ce gobe ko jibi ba, domin imel ba a karanta shi lokacin da aka rubuta shi, kuma wasiƙar da aka aika daga Chicago da ƙarfe 8 na daren Litinin, a lokacin zafinsu, tana isa Kano da ƙarfe 2 na dare, Talata ta riga ta shiga, don haka goben marubucin ita ce yau ɗin mai karatu. Ranar taro ma tana iya rabuwa biyu: ƙarfe 9 na safiyar Talata a Guangzhou, inda 'yan kasuwar Kano da dama suke sayen kaya, ƙarfe 2 na daren da zai waye Talata ne a Kano, amma a Chicago, a lokacin zafinsu, ƙarfe 8 na daren Litinin ne, kuma a irin wannan hali tilas kowane layi ya zo da ranarsa da kwanan watansa. Wasiƙar ba ta ce bayan la'asar ba, duk da cewa a cikin gari ɗaya wannan alƙawari ne da kowa ya gane, saboda la'asar ɗin Jidda da ta Kano ba lokaci ɗaya suke shiga ba. Haka nan ya kamata a kauce wa cewa daren Juma'a, wanda a bakin Hausawa da yawa daren Alhamis ne wayewar Juma'a, bisa lissafin da dare ke riga yini, alhali wanda ya saba da kalandar ofis zai ɗauka daren da ya biyo yinin Juma'a ake nufi. Ƙarfe 12 na dare ma yana da wannan matsala ta rashin sanin ranar da yake ciki, shi ya sa ya fi kyau a sa wa'adi da 11:59 na dare ko a matsar da shi zuwa yamma.

Gajerun sunayen yankunan lokaci, waɗanda ake ganin kamar su ne alamar ƙwarewa, sun fi sunan gari rauni nesa ba kusa ba. CST tana iya nufin agogon tsakiyar Amurka, UTC-6, ko agogon Sin, UTC+8, tazarar awa 14 ke nan a cikin haruffa uku. IST ana amfani da ita ga Indiya da Isra'ila da Ireland. Ban da haka, a Amurka kowane yanki yana da suna biyu, EST na lokacin sanyi da EDT na lokacin zafi a gabashin ƙasar, CST da CDT a tsakiyarta, kuma mutane da yawa a can sukan rubuta EST duk shekara suna nufin agogon New York kawai. Wanda ya karɓi wasiƙa a watan Yuli mai cewa 10:00 EST, ya je ya duba ya ga EST tana nufin UTC-5, zai lissafa ƙarfe 4 na yamma a Kano, alhali marubucin kusan tabbas ƙarfe 10 na agogon bangonsa yake nufi, wanda a Yuli UTC-4 ne, wato ƙarfe 3 a Kano. Haka mutumin Landan kan rubuta GMT a tsakiyar watan Yuni yana nufin agogon garinsa, wanda ya ɗara GMT da awa ɗaya a lokacin. Mai karɓar irin wannan wasiƙa ba shi da mafita sai ya mayar da amsa yana maimaita lokacin da sunayen garuruwa, ya ce ya fahimci ƙarfe 10 na safe a New York, wato ƙarfe 3 na rana a Kano, a gyara masa idan ba haka ba ne. Wannan maimaitawa a cikin amsa ita ce hanya mafi sauƙi ta kama saɓani tun kafin ranar taro, kuma ta fi amsar da ta tsaya a kan kalmar ya yi.

Bayan kowa ya amince sai a aika gayyata ta manhajar kalanda, kuma a nan mutane sukan saki jiki da zaton na'ura ba ta kuskure. Gayyatar ɗan ƙaramin fayil ne da aka tsara bisa ƙa'idar iCalendar, kuma tana iya rubuta lokacin farawa ta hanya uku:

```
DTSTART;TZID=Africa/Lagos:20251021T140000
DTSTART:20251021T130000Z
DTSTART:20251021T140000
```

Layi na farko yana cewa ƙarfe 2 na rana bisa agogon Najeriya, na biyu yana cewa 13:00 a UTC, abin da harafin Z na ƙarshe yake nunawa ke nan, kuma manhajar kowane mai karɓa za ta mayar da waɗannan biyun zuwa agogon garinsa da kanta. Layi na uku ba shi da yanki ko kaɗan, don haka zai bayyana da ƙarfe 2 a wajen kowa a duk inda yake, abin da ya dace da tunatarwar shan magani amma yake rusa taron mutum huɗu. Sunaye irin Africa/Lagos da Europe/London da America/Chicago sun fito ne daga kundin yankunan lokaci da hukumar IANA take riƙe da shi, wanda ya ƙunshi dokokin sauya agogo na kowane yanki, kuma da shi mafi yawan wayoyi da kwamfutoci suke aiki. Darajar sunan gari a kan lamba ita ce, lambar tana faɗin tazarar rana ɗaya ce kawai, sunan kuwa yana ɗauke da dokar shekara duka.

Duk da haka na'ura tana bin abin da aka saita mata ne. A jerin yankunan lokaci na Windows akwai layuka da dama da suka fara da lamba ɗaya, daga ciki har da (UTC+01:00) West Central Africa da (UTC+01:00) Amsterdam, Berlin, Bern, Rome, Stockholm, Vienna. Wanda yake Kano ko Yamai ya zaɓi na biyun ba zai ga wani aibu ba daga Nuwamba zuwa Maris, sai ƙarshen Maris agogon kwamfutarsa ya yi tsalle da awa ɗaya, kuma idan ya gyara shi da hannu ba tare da ya canza yankin ba, allon zai nuna lokaci daidai amma duk gayyatar da ya aika za ta isa wajen mutane da kuskuren awa ɗaya. Mutumin Accra da ya zaɓi layin Landan maimakon (UTC+00:00) Monrovia, Reykjavik yana cikin wannan hali. Alamar ciwon ita ce kuskuren awa ɗaya cif wanda yake zuwa a wasu watanni ya tafi a wasu, kuma hanyar kama shi ita ce a rubuta lokutan garuruwan da kalmomi a cikin jikin gayyatar, domin wanda ya ga manhajarsa ta nuna ƙarfe 7 alhali rubutun ya ce 8 ya san akwai abin tambaya.

Taron da ake maimaitawa kowane mako yana ƙara wata tambaya da ba a cika yi ba, wato a kan agogon wa aka kafa shi. Manhaja tana riƙe lokacin ne a yankin da aka rubuta a gayyatar, sauran kuma su riƙa motsi a kewayensa. Idan kwamitin da aka ambata ya kafa taronsa a kan ƙarfe 2 na Kano, Kano da Jidda ba za su taɓa motsawa ba, amma daga Nuwamba na Landan zai riƙa zama da ƙarfe 1, na Chicago da ƙarfe 7 na safe. Idan aka kafa shi a kan ƙarfe 8 na Chicago, mutuminta ya huta, na Landan zai ga canji ne kawai a makonnin ratar nan, amma daga 4 ga Nuwamba taron ya koma ƙarfe 3 a Kano da ƙarfe 5 a Jidda. Babu zaɓin da ba shi da wanda zai ɗauki nauyinsa, kuma adalcin da ya fi aiki shi ne a yanke jerin tarukan a ranakun sauyi, a kafa ɗaya har zuwa ƙarshen Oktoba, a sake shawara a kan na Nuwamba zuwa Maris, ko kuma a riƙa karɓa-karɓa tsakanin sammakon wannan da yammacin wancan, a rubuta hakan tun a wasiƙar farko.

Dokokin kansu ma gwamnatoci suna canza su, wani lokaci da gajeriyar sanarwa. Sudan ta bar UTC+3 ta koma UTC+2 ranar 1 ga Nuwamba 2017, Masar ta dawo da sauya agogo a 2023 bayan shekaru da dainawa, Maroko kuma daga 2018 ta zauna a kan UTC+1 tana komawa UTC a watan azumi, sauyin da yake bin kalandar Musulunci don haka ranarsa take matsawa kowace shekara. A Lebanon, a watan Maris na 2023, gwamnati ta ɗage tura agogo kwanaki kaɗan kafin ranarsa, wasu cibiyoyi suka ƙi bi, ƙasar ta yi 'yan kwanaki da agogo biyu kafin a janye matakin. Wayar da ba a sabunta ba tana ci gaba da aiki da tsohuwar doka, saboda haka idan ɗaya daga cikin mahalarta yana ƙasar da aka taɓa agogo kwanan nan, ko kuma yana kan tafiya a makon taron, sakataren yana buƙatar ya tambaye shi kai tsaye garin da zai kasance a ranar da kuma ƙarfe nawa agogonsa yake nunawa a lokacin da yake ba da amsa, ya gwada da UTC, sannan ya rubuta masa layinsa.